Baucan albashin da odita zai iya bin sawunsa gurbi-gurbi

Idan alat ɗin albashi ya shigo waya a ƙarshen wata, lamba ɗaya ma'aikaci yake gani. Odita kuwa, wato mai binciken kuɗi, daga wannan lambar aikinsa yake farawa. Zai ɗora yatsa a kanta ya tambayi akanta inda ta fito. In an nuna masa, sai ya sake tambayar inda waccan ɗin ma ta fito, yana komawa baya kamar mai bin sawun dabbar da ta ɓace, har sai ya isa kan wata takarda mai sa hannu: takardar ɗaukar aiki, ko ta amincewa da aikin ƙarin lokaci, ko wani sashe na doka. Duk wurin da sawun ya yanke, nan tuhuma take sauka, ko da kuwa babu wanda ya ci ko kwabo.

Makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci da masana'antu da yawa da Excel suke lissafin albashi, kuma babu laifi a hakan. Laifin yana wajen yadda ake gina shafin. Don a ga abin a fili, bari mu ƙaddara wani injin casar shinkafa mai ma'aikata 60, mu ɗauki mutum ɗaya mai lamba M014 mu bi albashinsa na wata guda. Gundarin albashinsa naira 120,000 ne. Kamfanin yana ba da kashi 40 cikin ɗari na gundarin a matsayin alawus ɗin gida, kashi 20 kuɗin mota, da naira 10,000 kuɗin abinci. A watan ya yi awa 10 na obatayim a ranakun aiki, da awa 6 a ranar hutu. Ana kuma cire masa naira 15,000 na bashin da ya ci a kamfani.

Ga yadda akan tarar da lissafinsa a baucoci da yawa, duk a gurbi ɗaya:

```
=C5*1.6+10000+C5/176*1.5*10+C5/176*2*6-C5*1.6*0.08-20757.37-15000
```

Amsar da wannan fomular take bayarwa kusan daidai ce, amma babu mai iya tabbatar da ita sai wanda ya rubuta ta, shi ma bayan wata shida sai ya yi dogon tunani. Mene ne 1.6? Wa ya amince da 176? Harajin 20,757.37 a ina aka lissafa shi? Ranar da aka sauya alawus ɗin gida kuwa, sai an bi layuka sittin ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa, kuma da wuya a gama ba a tsallake wani ba.

Kowace lamba da gidanta

Maganin yana cikin ƙa'idoji biyu. Ta farko, duk lambar da mutum ya buga da hannu wuri ɗaya za ta zauna, kuma kusa da ita a rubuta takardar da ta fito daga ciki. Ta biyu, gurbi ɗaya aiki ɗaya zai yi.

Saboda haka sai a raba fayil ɗin shafi biyar. Shafin Kaidoji yana ɗauke da duk wani kaso da ninki da iyaka: kason gida, kason mota, kason fansho, awoyin wata, matakan haraji. Kowanne da layinsa, da ranar da ya fara aiki, da hujjarsa, misali lambar takardar da hukumar kamfani ta fitar. Shafin Maaikata yana ɗauke da lamba da suna da gundarin albashi da lambar asusun banki. Shafin Awoyi na obatayim ne. Shafin Albashi shi ne wurin lissafi, kuma in ban da lambar ma'aikaci da ginshiƙin gyara da za mu zo kansa, babu abin da ake bugawa a cikinsa da hannu. Na ƙarshe shi ne Gwaji. Akantoci da yawa sukan sa lambobin da aka buga da hannu da shuɗin rubutu, fomuloli kuma da baƙi, don ido ya bambance su tun daga nesa.

A shafin Kaidoji, ana raɗa wa kowane gurbi suna ta ɗan akwatin nan da ke hagun wurin rubuta fomula. Gurbin da ke ɗauke da kashi 40 ya zama Kason_Gida, mai ɗauke da 176 ya zama Awoyin_Wata. A layi na 5 na shafin Albashi, inda mutuminmu yake, sai gurabe biyu na farko su kasance haka:

```
C5: =VLOOKUP($A5,Maaikata!$A:$D,3,FALSE)
D5: =ROUND(C5*Kason_Gida,2)
```

C5 ya je ya ɗauko 120,000 daga shafin Maaikata ta hanyar lambar M014. Ana nema da lamba ne saboda a ma'aikata sittin ba a rasa masu suna ɗaya. Kalmar FALSE ta ƙarshe tana tilasta wa Excel ya kawo wanda lambarsa ta yi daidai cif. In aka manta da ita, Excel zai iya kawo albashin wani daban ba tare da ya nuna wata alamar kuskure ba. D5 ya ba da 48,000, E5 ya ba da 24,000 na mota, F5 ya ba da 10,000 na abinci. Ko wanda bai taɓa koyon Excel ba zai karanta D5 ya gane cewa gundarin albashi aka ninka da kason gida.

Obatayim, inda rigima take

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin ma'aikaci da ofis, kuma nan odita ya fi daɗewa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce awoyin da suka haura na aikin yau da kullum obatayim ne, amma ba ta yanke nawa za a biya ba. Ta bar wannan ga yarjejeniyar aiki ko abin da ƙungiyar ma'aikata ta daidaita da kamfani. Ninki ɗaya da rabi a ranar aiki da ninki biyu a ranar hutu, da aka saba ji, tsari ne da kamfanoni da yawa suka ɗauka. Ke nan dole a shafin Kaidoji a nuna takardar da ta tabbatar da su a wannan kamfanin.

Abin da ya fi ninkin nauyi ma shi ne yadda ake fitar da kuɗin awa ɗaya. A misalinmu ana aiki kwana 22 a wata, awa 8 kullum, awa 176 ke nan. Naira 120,000 a raba gida 176 ya ba da naira 681.82. To, da akanta ya raba da kwana 30, wato awa 240, da kuɗin awa ya faɗo zuwa naira 500, kuma mutuminmu ya yi asarar sama da naira 4,900 a wannan watan kaɗai. Da kuma an raba dukkan albashi da alawus, wato 202,000, da awa ta kai naira 1,147.73. Lissafi uku, kowanne yana da masu bin sa. A ganina babu abin da ya kai ɓoye wannan zaɓin cikin doguwar fomula cutar da ma'aikaci, domin bai ma san an yi zaɓin ba, balle ya yi magana. A fito da shi fili, a ba shi ginshiƙinsa.

A shafin Awoyi, kowane zaman obatayim layi guda ne: lambar ma'aikaci a A, kwanan wata a B, irin ranar a C, lokacin farawa a D, lokacin tashi a E, yawan awoyi a F, sannan lambar takardar da mai kula da aiki ya sa wa hannu a G. Wannan ginshiƙin na G shi ne ƙarshen sawun da odita yake bi. Layin da babu lamba a G ɗinsa kada a biya shi.

Akwai tarko biyu a lissafin lokaci. Excel yana ɗaukar yini guda a matsayin 1, don haka awa shida a wurinsa 0.25 ne. In ba a ninka da 24 ba, aikin ranar hutun mutuminmu zai fito naira 340.91 maimakon 8,181.84. Tarko na biyu aikin dare ne. Shi wannan ma'aikacin ya fara ƙarfe 10 na dare ya tashi ƙarfe 4 na asuba, kuma in aka cire lokacin farawa daga na tashi kai tsaye, amsar takan fito ƙasa da sifili. Fomula ɗaya tana magance duka biyun:

```
F2: =ROUND(MOD(E2-D2,1)*24,2)
```

Daga nan shafin Albashi ya tattaro awoyin, ya lissafa kuɗinsu mataki-mataki:

```
G5: =ROUND(C5/Awoyin_Wata,2)
H5: =SUMIFS(Awoyi!$F:$F,Awoyi!$A:$A,$A5,Awoyi!$C:$C,"AIKI")
J5: =ROUND(G5*H5*Ninkin_Aiki,2)
```

I5 irin H5 ne, sai dai "HUTU" yake nema, K5 kuma irin J5 ne da Ninkin_Hutu. Awa 10 sun ba da naira 10,227.30, awa 6 sun ba da 8,181.84, jimilla 18,409.14.

Mai lura zai ga ROUND yana ta maimaituwa. Dalili shi ne abin da gurbi yake nunawa ba lallai shi yake riƙe da shi ba. Gurbi zai iya nuna 681.82 alhali a cikinsa 681.818181 ne har gaba. Odita zai ɗauki kalkuleta ya ninka abin da ya gani a takarda, ya samu 18,409.14, shafin kuma ya ce 18,409.09. Kwabo biyar ba kuɗi ba ne, amma idan jimillar bauca ta ƙi daidaituwa da ta banki da 'yan kwabbai, ana iya ɓata yini guda ana nema. A yanke kwabo a kowane gurbin kuɗin da za a biya ko a cire, don abin da ido ya gani ya zama shi aka lissafa.

Ginshiƙin L na gyara ne, a watan nan babu komai a nasa. Jimillar abin da ya samu tana M:

```
M5: =SUM(C5:F5)+SUM(J5:L5)
```

An tsallake G da H da I da gangan, domin kuɗin awa da yawan awoyi ba kuɗin biya ba ne. Wanda ya ja SUM daga C har L a tafi ɗaya ya ƙara wa mutumin naira 697.82 da bai yi aikinsu ba. Jimillar daidai ita ce 220,409.14.

Abin da ake cirewa

Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma aƙalla kashi 10. Kuɗin da ake ɗora kason a kansa shi ne wanda yarjejeniyar aiki ta fayyace, amma ba zai gaza gundarin albashi da alawus ɗin gida da na mota ba. Kamfanin misalinmu waɗannan ukun yake bi. Sai N5 ya tara su, 192,000, O5 kuma ya ɗauki kashi 8 na N5, wato 15,360. Raba su gurbi biyu yana sa odita ya ga nan take a kan me aka ɗora kason. Da an ɗora shi bisa kuskure a kan jimillar M5, da an cire 17,632.73. Kashi 10 na kamfani, wato 19,200, a can gefe yake da ginshiƙinsa bayan an gama lissafin ma'aikaci, don ba daga albashinsa yake fita ba.

Haraji shi ya fi jawo doguwar fomula mai IF cikin IF. A dokar harajin 2025 da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18, sai kashi 21, da 23, har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ba kowane mataki ginshiƙinsa, iyakokin kuma su zauna a Kaidoji:

```
P5: =(M5-O5)*12
Q5: =MAX(0,MIN(P5,Iyaka_2)-Iyaka_1)*Kaso_2
V5: =ROUND(SUM(Q5:U5)/12,2)
```

P5 ya cire fansho ya mayar da sauran na shekara, 2,460,589.68. Q5 ya ɗauki abin da ya faɗa tsakanin 800,000 da miliyan 3 ya cire kashi 15, ya samu 249,088.45. Sauran matakan huɗu sifili ne a layinsa. A wata harajinsa 20,757.37 ke nan. Dokar ta kuma ba da rangwamen kuɗin haya, kashi 20 na hayar shekara har iyakar naira 500,000, ga wanda ya gabatar da bayanin hayarsa. Mun ƙaddara mutuminmu bai gabatar ba. Wanda ya gabatar, a buɗe wa rangwamen ginshiƙi kafin P, a ajiye rasit ɗin a fayil ɗinsa.

Wannan hanyar ta ninkawa da 12 tana da iyaka. Tana ɗauka kamar kowane wata zai yi obatayim irin na wannan watan. Ga M014 ba matsala, tunda da obatayim da babu yana cikin matakin kashi 15. Amma wanda albashinsa yake bakin iyakar miliyan 3, wata guda mai yawan aiki zai iya tura shi matakin kashi 18 a cire masa fiye da ƙima. Irin wannan sai a daidaita masa da lissafin shekara, a kuma rubuta hanyar da aka bi a shafin Kaidoji.

Da bashin 15,000 a W5, jimillar cirewa a X5 ta zama 51,117.37, abin da zai shiga asusunsa a Y5 kuma 169,291.77. Dokar ƙwadago ta hana jimillar abin da ake cirewa daga ladan ma'aikacin da ta shafa ya wuce kashi ɗaya bisa uku a wata. Kashi ɗaya bisa uku na nasa 73,469.71 ne, bai kai ba, amma ya kamata a samu gurbin da zai yi ja duk ranar da bashi ya yi wa wani yawa.

Yadda odita yake bi

Zai danna Y5, ya shiga Formulas ya zaɓi Trace Precedents. Kibiyoyi shuɗaye za su fito daga M5 da X5. Ya sake dannawa, su ƙara komawa baya mataki guda. Idan abin daga wani shafi ya zo, sai ɗigaggen layi ya bayyana da ɗan hoton shafi, ya danna layin sau biyu ya zaɓi gurbin ya tafi can. Cikin mintuna kaɗan ya tashi daga 169,291.77 ya isa lambar takardar obatayim, ya ce a ɗauko masa ita daga kabad.

Abu na biyu da zai yi shi ne neman lambar da aka buga a kan fomula, kuma wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa. A ce a watan Afrilu an gano ana bin kamfani naira 3,000 na wani ma'aikaci, akanta yana sauri, sai ya goge fomular M ya buga jimillar da hannu. A watan Mayu aka kwafi fayil ɗin Afrilu aka ɗora a kai. Daga ranar wannan mutumin yana karɓar ƙarin 3,000 kowane wata, obatayim ɗinsa kuma ya daina motsa albashinsa, ko ya yi ko bai yi ba. A ido gurbin bai bambanta da maƙwabtansa ba. Amma in aka zaɓi ginshiƙan lissafi, aka danna F5, sannan Special, sannan Constants, Excel zai haskaka duk gurbin da ba fomula ba ne. Amfanin ginshiƙin L ke nan: kowane gyara a nan zai shiga, da dalilinsa da lambar takardar amincewa a gefe, kuma a share shi farkon kowane sabon wata.

Shafin Gwaji kuwa tambayoyi ne da amsarsu dole ta zama sifili. Jimillar awoyin shafin Awoyi a cire jimillar H da I. In ba sifili ba ne, akwai wanda aka buga lambarsa ba daidai ba, kamar a sa harafin O a wurin sifilin M014, ko an bar fili bayan kalmar AIKI, awoyinsa suka ɓace a hanya. Data Validation yana rage wannan, tunda zaɓa ake yi daga jeri. Sannan yawan mutanen shafin Maaikata a gwada da na Albashi da na takardar da za a kai banki. Sannan a tara ginshiƙan kuɗi ɗaya-ɗaya a gwada da jimillar M, domin in an ɗauki sabon ma'aikaci a layi na 65 alhali SUM ya tsaya a 64, nan zai fallasa. Sai COUNTIF a kan lambobin asusu, don mutum biyu masu asusu ɗaya shi ne abin da ake fara dubawa wajen neman ma'aikatan bogi. Lambar asusun banki a Najeriya guda goma ce, wasu da sifili suke farawa, kuma Excel yakan zubar da sifilin farko in ba a mayar da ginshiƙin Text ba tun kafin a buga.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne na gwada wannan watan da wanda ya gabata, mutum-mutum. Duk wanda albashinsa ya motsa, a samu dalili a rubuce: ƙarin girma, obatayim, ƙarewar bashi. Manajan da ba shi da lokacin karanta layi sittin zai iya karanta takwas ko goman da suka sauya kafin ya sa hannu.

Duk da haka, shafi ba ya iya faɗin ko da gaske an yi aikin daren nan. Abin da zai iya kawai shi ne ya kai mutum ga takardar da ta ce an yi. Shi ya sa mai rubuta awoyi, da mai lissafi, da mai amincewa da biya bai kamata su zama mutum ɗaya ba. Protect Sheet yana tsare fomula daga kuskuren hannu, amma ba ya tsare ta daga wanda ya san kalmar sirrin. Idan an gama wata, a adana fayil ɗinsa daban da sunan watan, a buga kwafi a sa hannu, kada a sake taɓa shi. Jimillar ginshiƙin V ita za a gwada da rasit ɗin harajin da ake turawa hukumar harajin jiha zuwa ranar 10 ga wata mai zuwa, ta fansho kuma da abin da aka tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi.

Mai kamfani ko shugaban makaranta da ke karanta wannan, kafin ka sa hannu a baucan watan nan, zaɓi ma'aikaci ɗaya da kanka, ka zauna kusa da akantanka ya bi maka albashinsa daga gurbin ƙarshe har zuwa takarda. Duk gurbin da kuka maƙale a kansa, ku gyara shi kafin kuɗin su fita.